Yadi Shida, Inci Nawa? Abin da Ya Kamata a Faɗa Kafin a Sayar da Atamfa

A kowane layi na Kantin Kwari da ke Kano, akwai maganganu uku da mai sayen atamfa za ta ji tun kafin ta zauna: “Hajiya, wannan orijina ce.” “Wallahi ba ta zuba.” “Yadi shida ce cif.” Su ne ake ji a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ta Kaduna da babbar kasuwar Maraɗi, su ne kuma matan da ke sana'a daga cikin gida suke rubutawa a ƙarƙashin hoton da suke turawa ta waya. Sau da yawa mai faɗar ba da niyyar ƙarya yake faɗa ba. Abin da wanda ya sarar masa ya gaya masa yake maimaitawa. Bai taɓa warware turmin ya auna ba, bai kuma taɓa jiƙa ƙyallensa ya ga yadda zai yi ba.

Ita kuwa atamfa ba a sanin halinta a shago. Tana zuwa a ninke, ta sha sitati, tana sheƙi, an manna mata takarda mai kyau. Aibinta sai a teburin tela yake fitowa, ko a bahon wanki, kuma a lokacin almakashi ya riga ya shiga, babu maganar mayarwa. Idan ta lefe ce abin ya fi muni, domin tana iya yin watanni a akwati kafin a ɗauko ta, lokacin da ba wanda zai tuna shagon da aka saya. Saboda haka duk nauyin cinikin yana kan bayanin da aka yi wa mai saye kafin ta biya. Bayanin da zai amfane ta kuwa shi ne wanda za a iya aunawa ko a gwada, ba yabo ba.

Tsawo shi ne mafi sauƙin tabbatarwa, kuma a nan aka fi yin sakaci. Yadi ɗaya inci 36 ne, wato santimita 91 da 'yan kai. Turmi mai yadi 6 ke nan inci 216, ko kuma mita 5 da rabi saura kaɗan. Manyan kamfanoni sukan fitar da atamfa a yadi 12, a raba biyu a sami turmi biyu, shi ya sa a Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da Faransanci ake lissafin turmi da zane uku, kowane zane yadi 2. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen haɗuwar mita da yadi. Mita ta fi yadi tsawo, amma mita 5 ba ta kai yadi 6 ba. Inci 197 ce kawai, wato yadi 5 da rabi ma ba ta cika ba. Duk wanda ya yanka mita 5 ya kira ta yadi 6 ya rage wa mai saye inci 19, ko da sani ko ba da sani ba.

Akwai kuma masu ƙirga ninki maimakon awo. Idan an ɗauka kowane ninki yadi ɗaya ne, alhali a kan inci 34 aka ninke, ninki shida zai ba da inci 204, an rasa inci 12 ba tare da ido ya lura ba. Awon kamu da na gaba ma ba abin dogaro ba ne, tunda hannun mai shago da na yaronsa ba ɗaya suke ba. Tef ɗin tela ne kawai ke raba gardama: a shimfiɗa atamfar a kan tebur, kada a ja ta, a auna ta bakin gefe daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Faɗi kuwa kusan ba a ambatonsa, alhali shi ne ya fi shafar ɗinki. Atamfofin da ke kasuwa faɗinsu yana kamawa daga inci 44 zuwa 48. Ta kamfanin Vlisco, wadda ake kira Holan, tana wajen inci 47 zuwa 48, masu araha da yawa kuma ba su kai haka ba. Dalilin da ya sa inci uku ke da muhimmanci shi ne, idan mace ta ɗaura zane, faɗin atamfar ne ke zama tsayin zanen daga ƙugu zuwa idon sawu. Doguwar mace da awonta daga ƙugu zuwa ƙasa ya kai inci 42, idan ta sami mai inci 47 tana da rarar inci 5 da za ta naɗe a ƙugu. Idan mai inci 44 ce, inci 2 kacal ya rage mata, sai dai zanen ya ɗage ko tela ya yi ƙari. Ga kuma bakin gefen da ake buga sunan kamfani da lambar zane a kai, wanda ba ya shiga cikin riga. Mai gaskiya zai faɗi faɗin da ɗinki zai ci, bayan an cire wannan bakin.

A ɗauki misalin uwar biki da ta fitar da anko ga mata 35. An turo mata hoto, an ce yadi 6 ce, ta zaci irin wadda ta saba saye ce mai faɗin inci 47. Kaya suka iso, tela ya auna ya tarar da yadi 5 da rabi, faɗi inci 44. A ido bambancin bai taka kara ya karya ba: rabin yadi a tsawo, inci uku a faɗi. Amma idan aka yi lissafin yawan ƙyallen, wanda aka yi tsammani shi ne 216 sau 47, wato 10,152, wanda ya zo hannu kuma 198 sau 44, wato 8,712. An rasa kusan kashi 14 cikin ɗari, kashi ɗaya bisa bakwai ke nan. A turmi 35, kuɗin turmi 5 ne aka biya ba a karɓi komai ba. A wurin kowace mace kuma, abin da ya ɓace shi ne ɗankwali, domin zane zai ɗauki yadi 2, riga mai hannu ta ci nata, sauran da ya kamata ya isa ɗauri sai ya koma ɗan ƙyalle. Idan zanen atamfar manyan furanni ne da dole tela ya daidaita su a gaba da baya, asarar ta ƙaru, don sai ya zubar da wani abu kafin fure ya zauna daidai. Galibi telan ne ke shan zargi a kan cewa ya ci yadi, alhali tun daga dila abin ya zo a tauye.

Bayan awo sai zare. Atamfar asali auduga ce zalla, shi ya sa take shan gumi, iska ke ratsa ta, take ƙara laushi idan ta sha wanki. Yau kasuwa ta cika da wadda mata ke kira roba, wato ta zaren foliyesta, da kuma wadda aka gauraya auduga da roba. Roba ba laifi ba ce a kanta. Tana da araha, ba ta saurin yamutsewa, tana bushewa da wuri, kuma akwai iyalan da ita ce daidai ƙarfinsu ranar Sallah. Laifin shi ne a sayar da ita da sunan auduga. Wadda za ta sa ta a zafin watan Afrilu tana da haƙƙin sanin cewa ba za ta sha mata gumi ba. Wadda ke girki a murhu ko a gaban gas ta fi kowa buƙatar sani, domin roba idan ta haɗu da wuta narkewa take yi ta manne a fata.

Taɓawa da hannu ba ya wadatarwa, saboda sitati yana sa roba ta yi tauri kamar auduga. Gwajin da ke bayyana gaskiya shi ne na wuta, kuma ba ya buƙatar a ɓata turmi. A zare 'yan zaruruwa daga ƙarshen da aka yanka, a riƙe su da hantsaki a kan faranti, da ruwa a kusa, a kai musu ashana. Auduga tana kamawa nan take, tana warin takardar da aka ƙona, ta bar toka mai laushi da ke murƙushewa tsakanin yatsu. Roba tana janyewa daga wutar, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta bar ɗan dunƙule mai tauri da ba ya murƙushewa. Gauraye kan nuna alamun biyu: ga toka, ga ɗan tauri a cikinta. Yana da kyau a gwada zaren tsaye daban, na kwance daban, don wani lokaci ɗaya auduga ne ɗayan roba. Gwajin ba zai faɗi kashi nawa ne auduga ba, saboda haka mai sayarwa ya tsaya a kan abin da ya gani: auduga, roba, ko gauraye.

Suna ma wani fage ne na ruɗani. Sana'ar ta samo asali ne daga rinin batik na tsibirin Jaba a Indonesiya, wanda Turawan Holan suka kwaikwaya da inji a ƙarni na 19. Kamfanin Vlisco, da aka kafa a garin Helmond a 1846, har yau a can yake buga tasa. A wannan hanya ana buga wani irin ƙaro a fuska biyu na ƙyallen, a tsoma shi a rini, inda ƙaron ya rufe ba ya kama launi. Ƙaron yana tsattsagewa, rini ya bi ta tsagar, shi ne ke haifar da siraran jijiyoyin nan da ɗige-ɗigen da ake gani. Daga baya a ƙara sauran launukan. Saboda haka ne ciki da wajen irin wannan atamfa suke kusan ɗaya, kuma jijiyoyin ba sa maimaita kansu daidai wa daida. Ɗaya hanyar kuma ita ce a buga zanen kai tsaye a fuska ɗaya, har da hoton jijiyoyin, sai a ga bayan ya fi haske, kuma tsaga iri ɗaya tana dawowa a kowane fure. Masu kwaikwayo sun ƙware ƙwarai yanzu, wasu launinsu na ratsawa har baya, suna kuma buga sunan wani kamfani a bakin gefe. Don haka kalmomi irin su Holan, sufa, Ingila da Kodebuwa sun zama abin da za a yi hattara da su. A bakin wani suna nufin inda aka yi atamfar, a bakin wani kuma suna nufin zanen ya yi kama da na can. Ko Ingila ta kamfanin ABC ma an daɗe da mayar da bugunta Ghana. Wanda ya san kayansa kwaikwayo ne, ya ce zanen Holan ne amma bugun Sin. Masu saye da yawa za su saya a hakan, da farashin da ya dace da ita.

Maganar “ba ta zuba” ita ce ta fi jawo ɓacin rai, domin abubuwa uku ne mabambanta ake cusawa a cikinta. Akwai zuba, wato launi ya fita a ruwan wanki. Akwai gogewa, wato launi ya shafi farar shimi, ko mayafi, ko kujera, ko da ba a jiƙa ba. Akwai kuma koɗewa, wato hasken launin ya mutu sannu a hankali saboda rana da sabulu mai ƙarfi. Atamfa tana iya tsira daga ɗaya ta faɗa ɗaya.

Ruwan wankin farko ya canza launi ba lallai ne ya zama aibi ba. Sau da yawa rarar rinin da bai kama zare ba ne ke fita, a wanki na biyu ko na uku ruwan ya washe, atamfar kuma tana nan da kyanta. Duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata ya san halin shuni: a saman zare yake zama, yakan ɗan shafi jiki da farko, wannan bai sa a ce rinin banza ne ba. Zubar da ke aibi ita ce wadda ba ta tsayawa, ko wadda ja ke malalawa cikin farin da ke kusa da shi har zanen ya dagule. Roba kuwa galibi ba ta zuba sam, saboda irin rinin da ake yi mata yana shiga cikin zaren. Ke nan mai shago zai iya rantsewa cewa ba ta zuba, ya kuma yi gaskiya, amma wannan ba shaida ba ce ta cewa auduga ce mai daraja.

Gwajin nan ma mai sauƙi ne. A sami farin ƙyalle, a goga shi a busasshiyar atamfar sau goma a kan launi mafi duhu, a duba. A jiƙa shi a sake gogawa. Sannan a yanki ɗan guntu a sa a kofin ruwan ɗumi da sabulu tare da farin ƙyalle na rabin awa. Don sanin koɗewa, a raba guntun biyu, a ajiye ɗaya a ɗaki, a shanya ɗaya a rana na 'yan kwanaki, a haɗa su a gani. Ɗan sari da ke buɗe dila bai yi asara ba idan ya ware turmi ɗaya na gwaji. Mai ƙaramin jari da ba za ta iya haka ba tana iya karɓar guntayen da suka rage wurin telan da ya ɗinka irin kayan. Idan kuma ba a gwada ba, kalmar “ban gwada ba” ta fi rantsuwa amfani ga kowa.

A wannan gwajin ne za a gano tsukewa. Auduga takan ragu a wankin farko, musamman ta tsawo, sau da yawa da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. A turmi guda, inci 6 zuwa 11 ke nan. A yi alama biyu a guntun gwaji da tazarar inci 20, a wanke, a bushe, a sake aunawa. Idan ya koma 19, atamfar tana tsukewa da kashi 5, kuma ya kamata a gaya wa mai saye ta jiƙa ta ta bushe kafin ta kai wa tela, musamman idan ɗinkin mai kama jiki ne.

Bayanin wanki kuwa wani ɓangare ne na cinikin, domin atamfa mai kyau ma tana lalacewa a hannun wanda bai san yadda ake bi da ita ba. A wanke ta da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi da bai wuce digiri 30 ba, ita kaɗai a karon farko, da sabulu mai sauƙi. Kada a jiƙa ta ta kwana, don daɗewa a ruwa ne ke ba launi damar ƙaura daga wannan fure zuwa wancan. Kada a barbaɗa garin omo kai tsaye a kanta, a narkar da shi tukuna. Bilic kuwa ko kusa. A ɗauraye sosai, a juya bayanta, a shanya a inuwa, a kuma kwashe da zarar ta bushe. Ranar ƙasar Hausa ta fi kowane sabulu cin launi, kuma kayan da ake bari a igiya tun hantsi har la'asar su ne ke fara koɗewa ta kafaɗa da inda aka rataya. A yi guga ta baya. Auduga tana jure dutsen guga mai zafi, roba kuwa za ta yi ƙyalli ko ta narke, wanda shi ma dalili ne na a faɗi irin zaren tun farko. Takardar da aka manna a kan turmi, idan aka ɗan ɗumama ta da dutsen guga, takan ɓare ba tare da ta bar danƙo ba.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu, ta jiƙa sabuwar atamfa a ruwan gishiri don launi ya kama. Gishiri yana da aiki a lokacin rini, inda yake taimaka wa launi ya hau zaren auduga. Amma bayan atamfa ta fito daga masana'anta, ba ya ɗaure rinin da bai kama ba tun asali. Abin da ake gani kamar nasarar gishiri, yawanci rarar rini ce ta fita, wadda ruwa zalla ma zai fitar. Bai kamata mai shago ya sayar da atamfa mai zuba ya ce a sa mata gishiri ba, sannan in ta lalace ya ce laifin mai wanki ne.

Idan aka haɗa duk wannan, bayanin gaskiya bai fi layi uku ko huɗu ba. Misali: “Yadi 6, na auna. Faɗi inci 45 ban da baki. Gaurayen auduga da roba ce, bugun fuska ɗaya, zanen Holan amma ba Holan ba ce. Jan yana ɗan fita a wankin farko, ya tsaya a na biyu. A wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. A hoto ta fi haske, a ido ruwan goro ce.” Jimlar ƙarshen tana da muhimmanci ga masu ciniki ta waya, saboda fitilar shago da kyamara suna sauya launi. Hoton da aka ɗauka a hasken rana, a inuwa, da wani na bayan atamfar, da wani na bakin gefe da tef a shimfiɗe a kai, sun fi dogon yabo gamsarwa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurin mutanen da suka tashi da karatun fiƙihun Malikiyya. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya yi magana a kan sayar da dilar tufafi bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, ba tare da an kwance ta ba, ya kuma nuna cewa cinikin yana zama dole a kan mai saye ne idan kayan sun dace da siffar da aka rubuta. Malaman fiƙihu sun kuma tabbatar wa mai saye damar mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Hoton waya da 'yan layukan da ke ƙarƙashinsa su ne takardar dilar wannan zamani, sharaɗin kuma bai canza ba.

Ya kamata shugabannin 'yan kasuwa a Kantin Kwari da sauran manyan kasuwanni su sa ya zama ƙa'ida kowane shagon atamfa ya ajiye tef a kan tebur, a kuma rubuta tsawo da faɗi da irin zare a rasit. Mata masu sayarwa daga gida su nemi waɗannan bayanai daga wanda suke sara a wurinsa kafin su tura hoto. Ke kuma Hajiya mai saye, kafin ki biya kuɗin anko ko na lefe, ki sa a warware turmi ɗaya a auna a gabanki, ki tambayi faɗi, ki kuma nemi a ba ki ɗan zare ki gwada.